Takarda ko baki: wanne ya fi isar da saƙon shugaban madarasa ga iyaye a Dakoro?

A farkon Oktoba, daidai lokacin da ake girbin hatsi a gonakin Dakoro da Kornaka, makarantun Nijar ke komawa aiki. Shugaban madarasa na da abu uku da zai faɗa wa iyaye: kuɗin makaranta, ranakun karatu da hutu, da dokokin ladabi. Ko dai ya rubuta wasiƙa ya ba yara su kai gida, ko ya tara iyaye bayan sallar La'asar ya yi musu bayani.

Bayanin baki shi ne gadon makarantar allo. Uba ya kai ɗansa wurin malam, a yi addu'a, kowa ya san kuɗin Laraba, ya san Alhamis da Juma'a hutu ne. Takarda kuwa ta zo ne da madarasar Faransanci da Larabci, wadda aka buɗe ta farko a Say a 1957, ta bi tsarin lakwal na zango uku daga Oktoba zuwa Yuni.

A maganar kuɗi takarda ce kan gaba. A ɗauka, don misali, kuɗin shekara jika 18 ne. Wata 9 ake karatu, wato jika 2 a wata, ko jika 6 a kowane zango. Mai ƴaƴa 3 zai biya jika 54. Idan da baki aka faɗa, kafin Maris an fara gardama: uba ya ce ya biya zango biyu, mai karɓar kuɗi ya ce ɗaya ya sani, ba kuma mai shaida. Wasiƙa da rasit su ne ke kashe wannan magana. Sai dai takardar ma na da tarkonta, domin ana rubuta kuɗi da faran, mutane kuma da dala suke ƙirga. Wanda aka karanta wa 500 ya ɗauka dala 500 ne, sai ya ga an ɗora masa faran 2,500, alhali dala 100 ake nufi. Shugaba mai lura yakan rubuta adadin iri biyu. Yakan kuma ba manomi damar biyan kaso mafi tsoka da kaka, lokacin da gero da wake ke hannu, don idan aka jira Mayu rumbu ya yi ƙasa kuma hankali ya koma kan iri.

A kan ranaku kuwa, kowanne na da rabonsa. Ranar buɗewa, jarrabawa da hutun zango ana sanin su tun farkon shekara, rubuta su ya fi, musamman ga makiyayin da zai yi nisa da dabbobi wajen kwarin Tarka ya bar ɗa a gidan dangi. Amma azumi da Sallah ganin wata suke bi, kuma kowace shekara suna matsowa da kusan kwana 11. Wasiƙar Oktoba da ta yanke ranar hutun Sallah ƙila ta saɓa. Abin da ya dace ta ce shi ne kwana nawa kafin Sallah za a tashi, kwana nawa bayanta za a dawo, sauran a bar wa sanarwar masallaci.

A dokokin ladabi, baki ya fi takarda nesa. Dokar da ta ce wanda ya yi fashi sau 3 za a kira ubansa ba ta bambanta yaron da ya gudu kasuwa da wanda aka tura shayar da dabbobi a rijiya. A taro ne uba zai miƙe ya ce, “Malam, ni na hana shi zuwa, ba ni da mai kiwo,” a samo mafita tare. Sannan yawancin wasiƙu ɗalibin ne ke karanta wa iyayensa, kuma ba wuya ya tsallake layin da ya hana shiga aji da wayar salula. Alamar hakan ba ta ɓuya: kuɗi na shigowa daidai, amma laifi ɗaya na ta maimaituwa, uba kuma ya rantse bai taɓa jin dokar ba.

Saboda haka nake ganin kada shugaba ya zaɓi ɗaya ya yar da ɗaya. Ya rubuta shafi guda, da Hausa cikin boko da ajami, tunda tun Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Ya kira iyaye maza da mata cikin makon farko, a karanta musu da babbar murya, a gyara dokar da ba za ta yiwu ba, sannan kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa ya tafi da tasa.