Yadda Ake Hana Hoton Wasa Tsagewa a Allo

Allo mai 60Hz yana sabunta hotonsa sau 60 a daƙiƙa, ko kwamfuta ta gama zane ko ba ta gama ba. Idan wasa na fitar da hoto 47 a daƙiƙa, sai sabon hoto ya faɗo ana tsakiyar nuna tsoho: sama daban, ƙasa daban, kamar zanen da aka yaga aka ɗinke a karkace.

VRR na sa allon ya jira katin zane, ya sauko 47Hz su tafi tare.

Mai katin Nvidia ya fara kunna FreeSync ko Adaptive-Sync a maɓallan allon kansa, ya haɗa da wayar DisplayPort, sannan ya buɗe NVIDIA Control Panel, ya shiga Set up G-SYNC ya kunna. Matakin farkon nan shi aka fi mantawa.

Amma fa akwai iyaka. Allon da ke aiki tsakanin 48Hz da 144Hz, da zarar wasa ya haura 144, tsagewar ta dawo. Saboda haka a ƙayyade gudun wasan a 141.