Idan However da Therefore Sun Cika Kundin Ɗalibi

Duk malamin da ke duba kundin kammala digiri ya san sakin layin da however ta buɗe jimlarsa ta biyu, therefore ta buɗe ta huɗu, sannan however ta sake dawowa kafin a kai ƙarshe. Idan aka ja wa ɗalibi layi da jan biro, sai ya ɗauko ƙamus ya zuba duk kalmar da ya gani a kusa. A nan ake yin ɓarna, domin kalmomin nan ba sa maye gurbin juna kai tsaye. Kowace tana nuna irin dangantakar da ke tsakanin jimla biyu, kuma dangantakar ce ya kamata a fara tantancewa.

Mu ɗauki ɗalibin da ke rubutu a kan noman gero. Ya ce taki ya yi tsada a bana, yana kuma so ya ce amfanin gona bai ragu ba. Mai karatu ya sa ran raguwa, sai aka zo masa da akasin haka. Wannan shi ne wurin nevertheless, ko even so, ko yet, daidai da yadda Bahaushe zai ce "duk da haka". To amma idan abin da yake so shi ne ya jera ƙauyuka biyu, ɗaya ya samu amfani mai yawa ɗaya kaɗan, babu wani zato da aka karya, kwatanci ne kawai. A nan by contrast ko whereas ne suka dace. Wanda ya sa nevertheless a wannan wuri ya sa mai karatu neman abin mamakin da babu shi.

Akwai wadda ɗalibai ke so ƙwarai kuma suke yawan kuskure a kanta, wato on the contrary. Aikinta ƙaryatawa ne. Tana zuwa ne bayan an musanta wata magana, sai ta ƙarfafa akasinta: tsadar taki ba ta rage noma ba, hasali ma gonaki ƙaruwa suka yi. Ba a kwatanta ƙauye da ƙauye da ita.

Ɓangaren therefore ma gida biyu ne. Wani lokaci abu ne ya haddasa wani abu a zahiri: ruwa ya ɗauke da wuri, gero bai nuna ba. Wannan na as a result ne ko consequently. Wani lokaci kuwa marubuci ne ke yanke hukunci daga hujjojin da ya kawo, sai ya yi amfani da thus, ko hence, ko it follows that. A ganina wannan ta ƙarshen a yi hattara da ita, domin iƙirari ne babba. Idan manoma kaɗan aka tambaya, this suggests that ta fi gaskiya, kuma ta fi sauƙin karewa ranar da aka tsaya gaban malamai.

Sai batun alamomin rubutu, inda maki ke zubewa ba a sani ba. However, therefore, nevertheless da consequently ba su da ƙarfin ɗaure cikakkun jimloli biyu da waƙafi kaɗai. Dole a sa aya ko waƙafi mai ruwa kafinsu. But, yet da so kuwa waƙafi ya ishe su. Although da whereas suna mai da sashen da suka shiga ya dogara da wani, saboda haka ba zai tsaya shi kaɗai a matsayin jimla ba. Ga kuma wani tarko da Hausarmu ke jefa mu: muna cewa "ko da yake ya yi tsada, amma an saya", kuma daidai ne. A Turanci although da but ba sa haɗuwa a wannan gini, ɗaya ake zaɓa:

```
Although fertiliser was costly, yields did not fall.
Fertiliser was costly; nevertheless, yields did not fall.
```

Sau da yawa ma mafita ita ce a cire mahaɗin gaba ɗaya. A ɗauko abin da jimlar baya ta ƙare da shi a buɗe sabuwa: idan an yi maganar raguwar ruwan sama, sai a fara da this decline a ci gaba. Zaren maganar ya riƙe kansa ke nan.

Kafin ka miƙa babi, ka bi shi ka ja layi a ƙarƙashin kowane mahaɗi, ka rufe shi da yatsa, ka karanta jimlolin biyu. Idan ka kasa faɗa da Hausa ko "duk da haka" ne a tsakaninsu, ko "shi kuwa", ko "shi ya sa", to ka koma ka gyara hujjar tukuna kafin ka taɓa kalmar.