Yadda Ma'auni Uku Ke Tona Halin da Ƙarfe Yake Ciki

Duk wanda ya murɗa allin rubutu har ya karye zai ga karayar ba ta yanke shi a tsaye ba, ta bi wani layi mai zagayawa a kusan digiri 45. Dalili kuwa shi ne, ta wannan fuskar murɗawar ta fi miƙe allin. Haka ƙarfe yake: a wuri ɗaya tak, yana iya miƙewa ta wata fuska, yana tsukewa ta wata, kuma fuskar da ta fi haɗari ba lallai ce injiniya ya auna ba.

Abu biyu ake nema. Na farko miƙewa, wato ƙarin tsawon da wani ɗan layi ya samu idan aka raba shi da tsawonsa na asali, alamarta ε. Na biyu karkacewa, wato yawan canjin da kusurwa mai digiri 90 ta yi, alamarta γ. A ƙarfe dukansu ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa ake ƙirga su da maikuro, kashi ɗaya cikin miliyan.

A 1938 ne Edward Simmons da Arthur Ruge a Amurka, kowa da nasa binciken, suka ƙirƙiro ma'aunin miƙewa da ake mannawa a jikin ƙarfe. Matsalarsa ita ce fuskar da aka shimfiɗa shi kaɗai yake gani, karkacewa kuwa ba ya auna ta ko kaɗan. Saboda haka ake manna uku a wuri guda.

A ɗauka bututun ƙarfe ne da ake ja kuma ake murɗawa. Ma'aunin da ya bi tsawon bututun ya nuna εx = 500, wanda ya bi zagayensa ya nuna εy = −100, alamar tsukewa ke nan, na tsakiya a digiri 45 ya nuna 600. Karkacewar tana fitowa ne idan aka ninka na tsakiyan sau biyu aka cire jimillar sauran biyun: 1200 a cire 400, saura γxy = 800.

To idan injiniya na son sanin miƙewar da ke ƙetare wata walda, a fuskar da ta yi digiri 30 da tsawon bututun fa? Ba sai ya manna sabon ma'auni ba, ga lissafin:

ε(θ) = (εx + εy)/2 + [(εx − εy)/2] cos 2θ + (γxy/2) sin 2θ

Matsakaicin biyun 200 ne, rabin bambancinsu 300, rabin karkacewa 400. Ninkin digiri 30 shi ne 60, inda cos yake 0.5, sin kuma 0.866. Sai a tara 200 da 150 da 346, a sami 696. Wannan ya zarce duk abin da ma'aunai ukun suka nuna.

A nan ne ake yawan tuntuɓe. Kusurwar ana ƙirga ta ne daga ma'auni na farko zuwa ɓangaren da na tsakiya yake. Wanda ya ƙirga ta ɗaya ɓangaren, digiri −30, zai cire 346 maimakon ya ƙara, ya tashi da 4 kacal, ya ce waldar tana hutawa alhali tana dab da fuskar da ta fi ko'ina shan ja. Kuskure na biyu shi ne mantawa da raba γxy biyu, musamman ga wanda ya saba da lissafin matsi, inda ba a yin wannan rabon.

Karkacewa mafi girma kuwa tana fitowa daga nan:

γmax = √[(εx − εy)² + γxy²]

Da 600 da 800 aka sa, amsar ita ce 1000. Rabin wannan, wato 500, shi ne nisa daga tsakiya zuwa baki a da'irar da injiniyan Jamus Otto Mohr ya gabatar a 1882, tsakiyarta kuma yana kan matsakaicin nan 200. Ke nan miƙewa mafi girma 700 ce, a kusan digiri 26.6, mafi ƙanƙanta kuma −300. Karkacewa mafi girma tana digiri 45 daga waɗannan fuskoki, kuma ita ke sa ƙarfe mai laushi ya fara lanƙwasa ba komawa. Ga hanyar tantance lissafi cikin sauƙi: jimillar miƙewar kowace fuska biyu masu kusurwa 90 ba ta canzawa. Idan aka tara 500 da −100 a sami 400, haka ma 700 da −300.

Lissafin yana da iyaka. Ƙananan miƙewa kawai yake ɗauka, don haka bai dace da roba da ake ja sosai ba. Sannan fuskar ƙarfen kaɗai yake kallo, alhali kaurinsa ma yana canzawa. A bututun nan kaurin ya tsuke da kusan 170, adadin da ya faɗa tsakanin 700 da −300, saboda haka 1000 ɗin ce ta gaskiya. A tankin iskar gas, inda manyan miƙewa biyun duk ja ne, karkacewa mafi girma tana ratsa kaurin bangon, dole a sa wannan fuska ta uku cikin lissafi.