Shirin Musamman: Neman ragi a wurin dila in za ka yi babban sari

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau shirin namu zai leƙa Kasuwar Singa da ke Kano, inda masu shaguna da masu gidajen burodi suke sarin sukari da fulawa da taliya da man girki. Tambayar da za mu duba ita ce: idan za ka sayi kaya da yawa, wace magana za ka yi wa dila har ya yi maka ragi da daɗin rai, gobe ma ya yi murnar ganinka?

Da yawa daga cikin masu sari da kukansu suke farawa. Su ce kasuwa ta yi tsanani, jari ya karye, a taimaka. Dila ya saurara, ya ce "albarka", magana ta mutu. Dalili kuwa shi ne ribar kayan masarufi siririya ce, yawan juyawar kaya ne ke riƙe da dila. Ragin da zai fito daga cikin wannan ƴar ribar ciwo ne a gare shi. Wanda zai iya bayarwa cikin sauƙi shi ne wanda ya fito daga wani kashin kuɗi da kai ka ɗauke masa. Don haka kafin ka buɗe baki, ka san abin da sarinka zai sauƙaƙe masa.

(Gajeren kiɗa)

Mu ɗauki misali, kuma alƙaluman na misali ne, domin farashi yana motsi kullum. A ce ga mai gidan burodi da ke cin buhun fulawa 100 a wata, mai kilo 50 kowanne. Yana sayen 40 a wurin wani dila, sauran 60 kuma yana tsinto su nan da can, galibi bashi, sai ya sayar da burodi ya biya. A ce buhu naira 50,000 ne, ribar dila a kansa naira 1,000.

Idan wannan mutum ya je ya ce a rage masa kashi 5 cikin 100, ya nemi naira 2,500 ke nan a kowane buhu, fiye da ninki biyu na ribar dilan gaba ɗaya. Ko ɗan'uwansa ne ba zai sallama ba. Shi ya sa a irin waɗannan kaya ake neman ragi da naira a kan buhu, kuma a nemi abin da ribar za ta iya ɗauka.

To me mai burodin yake da shi na bayarwa? Abu uku. Na farko, zai haɗe buhu 100 ɗin duka a wuri guda. Na biyu, zai biya kuɗi hannu, naira miliyan 5 su shiga asusun dila ranar da aka yi lodi, ya sake juya su maimakon su kwanta a hannun mai bashi. Na uku, zai zo da motarsa ranar da tirela ta iso. Tirela takan ɗauko buhu 600, kuma duk buhun da aka sauke aka shigar sito, sai an biya ƴan dako, a sake biyansu ranar fitarwa. In daga tirela kayan suka wuce cikin motar mai saye kai tsaye, an tsallake dako ɗaya da kwanan sito. A ce wannan ya kai naira 200 a buhu.

Yanzu a yi lissafi. Ya nemi ragin naira 400. Ribar dila ta sauko daga 1,000 zuwa 600, amma naira 200 da ta tsira ta mayar da ita 800. Buhu 100 sau 800, naira 80,000 ke nan a wata, alhali a da 40,000 yake samu a hannun wannan mutum. Shi kuma mai burodi ya tsira da naira 40,000, ga kuɗin motar da ya ragu tunda ya daina zarya. Wannan shi ne cuɗe ni in cuɗe ka na gaskiya, wanda ake iya nunawa a takarda.

(Gajeren kiɗa)

Saura yadda za a faɗa. Kada ka tare shi da hantsi yana tsakiyar lodi, yara na kiransa ta ko'ina. Ka bari kasuwa ta lafa, ku gaisa, sannan ka ce masa kamar haka: "Alhaji, buhu 100 nake ci a wata, amma 40 kawai nake ɗauka a wurinka. Ina so in dawo da su duka nan. Zan biya kafin a yi lodi, kuma in ka sanar da ni ranar da mota za ta shigo, a bakinta zan kwashe, ba sai sun shiga sito ba. In na tsaya a kan haka, za ka iya rage mini 400 a buhu?"

Ku lura, ragin ne ya zo a ƙarshe, bayan ya ji abin da zai samu. Kuma da ka faɗa, ka yi shiru, ka bar shi ya taɓa na'urar lissafinsa. Akwai wani abu ma da zai lissafa wanda ba lallai ya gaya maka ba: kamfanoni sukan ba dilolinsu ƙarin lada in sun kai wani adadi na saye, don haka tabbataccen ciniki na buhu 100 kowane wata yana da daraja a wurinsa fiye da ribar da ke kan buhun.

Idan ya ce 400 ta yi yawa, kada ka tashi. Ka tambaye shi a buhu nawa zai iya, ko ku yi mataki: 200 a buhu 50, 400 a buhu 100. In kuma lokacin tashin farashi ne, da wuya ya rage ko sisi, domin motar gaba za ta zo masa da tsada. A nan sai ka nemi ya kai maka kayan da motarsa, ko ya riƙe maka farashin yau na mako biyu.

(Gajeren kiɗa)

Akwai inda wannan ciniki ke ɓaci. Fulawa ba ta son danshi. In ba ka da busasshen wuri da katakon ɗora buhu, musamman da damina, buhu ɗaya da ya dunƙule ko ƙwari suka shiga ya cinye ragin watan har da ƙari, tunda 50,000 ta fi 40,000. Haka nan in farashi na sauka: ya faɗi da naira 1,000 bayan ka tara kaya, ragin 400 bai fisshe ka ba. Kuma in biyan miliyan 5 zai bar ka ba kuɗin sukari da itace da ladan ma'aikata, to adadin ya fi ƙarfinka, ka rage shi.

Abubuwa biyu kuma suna kashe amana nan take. Ɗaya, ka ce wane ya ba ka a ƙasa da haka alhali ƙarya ne. Dilolin layi guda sun san farashin juna, waya ɗaya za ta tona ka. Biyu, ka yi alkawarin 100 don a rage maka, wata na zagayowa ka ɗauki 30. Ka faɗi adadin da littafin cinikinka na watannin baya ya nuna.

In kun daidaita, ku rubuta: adadi, farashi, ranar biya, wanda zai biya dako, da abin da za a yi in kamfani ya sauya farashi. Ku gwada wata guda tukuna. In kowa ya cika nasa, sai ku ɗaure na wata uku.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.

(Kiɗan rufe shiri)