Yadda ake karanta takardar bayanan tiransisto

Takardar bayanan tiransisto tana farawa da jadawalin iyakokin da mai ƙera shi ya gindaya. A ta TIP41C, wanda ake yawan samu a amfilifaya, an rubuta bolt 100 tsakanin kalekta da emita, amfiya 6 na lantarki, wat 65 na zafin da zai iya zubarwa. Kowace lamba iyaka ce mai zaman kanta, ba a haɗa su a lokaci guda. Bolt 100 sau amfiya 6 wat 600 ne, kuma tiransiston zai ƙone tun bai kai ko kusa da haka ba.

Shi ya sa ake sa zanen da ake yi wa laƙabi da SOA, wato farfajiyar aiki lafiya. Bolt na kwance, amfiya na tsaye, kuma dole aikin ya tsaya a ƙarƙashin layin. Ta wajen bolt mai yawa layin yakan karye ya gangara da sauri, domin a nan lantarki kan taru a ɗigo ɗaya cikin silikon ya huda shi, alhali jikin bai yi wani zafi ba.

Wat 65 ɗin nan shi ya fi yaudarar mutane. Sharaɗinsa a riƙe jikin tiransiston a digiri 25, abin da ba ya samuwa a cikin rufaffen akwati. Abin da ake karewa a zahiri shi ne mahaɗar da ke can ciki, wadda iyakarta digiri 150 ce. Ba a iya taɓa ta, sai dai a lissafa zafinta da lambar da ke nuna digiri nawa kowane wat yake ƙarawa. Daga mahaɗa zuwa jiki kusan 1.9 ne, daga mahaɗa zuwa iska kuwa, in babu ƙarfen shan zafi, kusan 62.5.

A ɗauka tiransiston yana zubar da wat 10, iskar cikin akwati kuma digiri 40 ce. An ɗaura shi a ƙarfen shan zafi mai digiri 5 kan kowane wat, fallen da aka raba su da shi ya ƙara 1.5. Jimilla 8.4 ke nan. Sau 10 ya ba da 84, a ƙara 40, mahaɗar tana digiri 124. Ya tsira, amma ratar digiri 26 ba ta da yawa: ƙura ta toshe ƙarfen ko kusa ta saki, sai ta cinye. In an cire ƙarfen gaba ɗaya, a wannan iskar bai fi ƙarfin wat 1.8 ba.