Dabarar Hestenes da Stiefel Mai Rage Wahalar Kwamfuta

A 1952 Magnus Hestenes da Eduard Stiefel suka wallafa hanyar Conjugate Gradient don warware Ax = b, muddin A = Aᵀ, kuma xᵀAx ya zarce sifili ga kowane x da ba sifili ba.

Saurinta na hannun κ, wato babbar tushen-ƙimar A a raba da ƙaramar. Yawan zagayen lissafi kan bi √κ. Idan κ ya kai 10,000, dubu-dubai tsohuwar hanyar bin gangara za ta nema, ita kuwa 'yan ɗaruruwa sun isa.

Akan kuma yi wa A share fage da wata M mai kama da ita amma mai sauƙin warwarewa. Idan κ ya sauko 100, zagayen kan ragu kusan ninki goma. Sai dai M mai tsadar lissafi tana cinye ribar.