Dala Ta Motsa: Yadda Ƙaramin Mai Shigo da Kaya Zai Ji Ƙararrawa Kafin Riba Ta Ƙone

A ƙarshen watan Janairun 2024, cikin kwanaki kaɗan, farashin dala a kasuwar hukuma ya tashi daga wajen naira 900 ya haura 1,400. Cikin Fabrairu 'yan canji sun sayar da ita kusan naira 1,900 a kasuwar bayan fage. Kafin tsakiyar Afrilu kuma ta rikito zuwa wajen 1,100. Ɗan kasuwar da ya jinkirta biyan cikon kuɗin kayansa a Janairu ya sha wuya. Wanda ya firgita ya kwashi dala a Fabrairu, kayansa suka iso a Afrilu, shi ma ya sha tasa, don maƙwabcinsa na karyar da farashi shi kuwa ba hali.

Babban kamfani yana da ma'aikatan da ba su da aiki sai sa ido a kan canji. Mai shago a Farm Centre ko Kantin Kwari a Kano, wanda ke oda daga Guangzhou, ba shi da kowa sai wayarsa da ɗan canjin da ya saba da shi a Wapa. Amma da waɗannan biyun, da ɗan lissafi, zai iya kafa wa kansa ƙararrawa mai aiki.

Tambayar farko ita ce: wane farashi zai bi? Dala ba ta da farashi ɗaya. Akwai na hukuma da Babban Bankin Najeriya ke wallafawa a kowace ranar aiki. Akwai wanda hukumar kwastan ke lissafin haraji da shi. Sannan akwai na 'yan canji, wanda shi ma gida biyu ne: yadda suke saye da yadda suke sayarwa. Wanda ya shafi mai shigo da kaya kai tsaye shi ne farashin da za a sayar masa da dala, ko yuwan ta Sin, idan ya tashi tura kuɗi yau. Adadin da ke fitowa a waya idan an bincika ba lallai ne a samu mai sayarwa a kansa ba, wani lokacin ma kuskure ne tsagwaronsa. A Fabrairun 2019 Google ya taɓa nuna dala a kan naira 184, alhali a kasuwa tana wajen 360.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi: motsi nawa ne ya isa a kira shi haɗari? Jita-jitar kasuwa ba za ta amsa wannan ba, littafin ɗan kasuwar ne zai amsa.

A ɗauki misalin mai sayar da caja da iyafis da ya yi odar kayan dala 10,000 lokacin da ake sayar da dala naira 1,500. Ya ba da kafin alƙalami dala 3,000. Saura dala 7,000 da zai biya bayan wata guda idan an gama haɗa kaya, da dala 1,000 kuɗin jirgi. A lissafinsa kayan za su ci naira miliyan 15, jirgi miliyan 1.5, kwastan da mota da 'yan dako wani miliyan 1.5. Jimilla miliyan 18, yana sa ran sayarwa miliyan 20. Ribarsa miliyan 2 ke nan.

Abin da ke rataye a wuyansa shi ne dala 8,000 da bai saya ba tukuna. Duk ƙarin naira 10 a kan dala, naira 80,000 ce ta fita daga aljihunsa. Idan ya raba miliyan 2 gida 8,000 zai sami 250, ma'ana ranar da dala ta kai 1,750 ya yi wa wani aiki. A gaskiya ma ba za ta kai nan ba ribar za ta ƙare, domin harajin kwastan shi ma bin dala yake yi.

Daga nan zai fitar da iyakokinsa. Ta farko a 1,560, inda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na riba ya tafi: a nan zai sayi rabin dalar da ake bin sa da kuɗin da ke hannu. Ta biyu a 1,625, inda rabin riba ya tafi: a nan zai biya ciko gaba ɗaya idan da hali, ya kuma sake lissafin farashin kayan da ke kan kanta, tunda da sabon farashi zai mayar da gurbinsu. Wajibi ne ya rubuta waɗannan matakai tun hankalinsa na kwance. Ranar da kasuwa ta ɗau zafi, ba a iya tunani mai kyau.

Ban da iyakoki, akwai saurin motsi. Dala na iya ƙara naira 30 cikin mako uku ba wanda ya damu, amma naira 30 a wuni guda, wato kashi 2 cikin 100, labari ne. Auna wannan ba wuya. Kullum a lokaci ɗaya, misali bayan azahar lokacin da kasuwa ta zauna, ya tambayi 'yan canji biyu farashin saye da na sayarwa, ya rubuta a littafi. Mai amfani da Excel ko Google Sheets, idan farashin jiya yana B2 na yau yana B3, wannan zai ba shi bambancin cikin ɗari:

```
=ABS(B3-B2)/B2*100
```

Idan amsar ta kai 2, ƙararrawa ta kaɗa. Lissafin bai damu da ko sama aka yi ko ƙasa ba, kuma haka ake so, domin faɗuwar dala ma asara ce ga wanda ya cika shago da kayan da ya saya da tsada. Akwai manhajojin canji da ke aiko da saƙo idan farashi ya kai inda aka saita, sai dai yawancinsu ba farashin Wapa suke bi ba. Amfaninsu su tayar da mutum ya ɗauki waya, ba su yanke masa shawara ba.

Akwai alamar da ke riga farashin kansa magana, ita ce tazarar da ke tsakanin saye da sayarwa. A ranar lafiya tazarar 'yar kaɗan ce. Idan ta ninka, ko ɗan canji ya ce "Alhaji, bari mu ga kasuwa tukuna", ko ya ba da farashi ya ce na yanzu-yanzu ne kawai, to su ma 'yan canjin ba su san inda aka dosa ba. Haka nan ranar da Babban Banki ya fitar da sabuwar doka. A ranar 14 ga Yuni, 2023, da aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dala a hukumance ta tashi daga wajen 470 ta rufe sama da 660 a wuni ɗaya.

Inda tsarin ke lalacewa sananne ne. Wanda ya sa iyakarsa kusa-kusa, kamar naira 5, wayarsa za ta dame shi har ya daina kulawa. Wanda ke haɗa farashin safe na jiya da na yamma na yau zai ga motsin da babu shi. Wanda ya gaskata hoton farashi da aka turo a zauren WhatsApp ba tare da ya kira mutum biyu ba, yana iya sayen dala da tsada a kan ƙarya.

Ƙararrawa ba ta faɗin inda dala za ta gobe, kuma ba ta da amfani ga wanda kuɗinsa duk suna hannun masu bashi. Shi ya sa mai cajan nan, da zarar ya tura kafin alƙalami, zai ware cinikin makonni biyun farko a asusu daban. Idan dala ta taɓa 1,560, yana buƙatar naira miliyan 6 da dubu 240 a hannu don ya sayi dala 4,000 a ranar.